Yadda ake fitar da ranaku, sunaye da kuɗi daga dogon imel a zuba su a jadawali

Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aji ko sakataren ƙungiya a nan Les Minguettes ya san irin wasiƙar da muke nufi. An yi rasuwa, an tara gudummawa, sai wanda ya karɓi kuɗin ya zauna da dare ya rubuto imel mai tsawo, yana ba da labarin abin da ya shigo yadda ya tuna shi. A ciki akwai sunaye da ranaku da kuɗi, amma duk a cakuɗe suke da gaisuwa da gyara da alkawari. Ranar taro aka ce a faɗi wa ya ba da nawa, sai a ga mutum yana ta hawa da sauka a kan wayarsa, jama'a kuma sun fara kallon juna.

Kuɗin gudummawa amana ce, kuma yawancin rigimar da ke raba ƙungiyoyi ba daga sata take farawa ba. Daga suna ɗaya da aka manta take farawa, ko yuro goma da ba a san inda ya shiga ba. Dokar 1 ga Yuli 1901, wadda ƙungiyoyinmu na Faransa ke rajista a ƙarƙashinta, ba ta shimfiɗa wa ƙaramar ƙungiya wani salon rubuta lissafi ba. Amma ranar da ƙungiya ta karɓi tallafin hukuma don wani aiki, dole ta ba da bayanin yadda ta kashe shi, kuma mambobi ma suna da haƙƙin su gani. Don haka yau za mu ɗauki imel guda ɗaya, mu bi shi daga farko har ƙarshe, mu mayar da shi jadawalin da kowa zai iya dubawa ya gamsu.

Wasiƙar da za mu yi aiki da ita

Wannan wasiƙa misali ce kawai, sunayen da ke ciki ma na misali ne. Mu ɗauka an aiko ta ranar Litinin, 14 ga Afrilu 2025.

"Salamu alaikum. Ga bayanin gudummawar da aka tara wa iyalin marigayi. Ousmane ya ba da 50 € ranar 03/04, sai ya ƙara ashirin ranar Asabar 5 ga wata. Hajiya Haoua da ƙanwarta Mariama sun ba da 120 € ranar 7 ga wata, kowacce rabi. Aboubacar ya turo 1 200,50 € ta banki ranar 08/04, kuɗin da 'yan'uwa na Paris suka haɗa. Ranar 9 ga wata a Maradi an miƙa wa iyalin jaka hamsin hannu da hannu da sunan Malam Sani. Zeinabou ta kawo 40 € ranar kasuwa. Issoufou ya yi alkawarin 80 € ƙarshen wata. Shekaranjiya mun biya 300 € na hayar ɗaki da abincin masu zaman makoki. Af, Usman ya ce a gyara, ashirin ɗin nan talatin ne. Abin da ke hannu yanzu 1 140,50 €."

Wasiƙar ba ta da laifi a matsayinta na wasiƙa. Amma kusan kowace jimla a cikinta tana da tarkon da zai iya ɓata lissafi idan aka kwashe ta da gaggawa.

A yanke shawarar ginshiƙai kafin a fara kwafa

Jadawali yana da layuka na kwance da na tsaye. Na kwancen za mu kira su layi, na tsayen kuma ginshiƙi. Babban kuskuren da ake yi shi ne a buɗe Excel a fara zuba abu tun daga jimlar farko, sai a tsakiyar aiki a gane ana buƙatar wani ginshiƙin, a koma a yi ta faci. Abin da ya fi shi ne a karanta wasiƙar gaba ɗaya sau ɗaya ba tare da rubuta komai ba, sannan a amsa tambaya guda: layi ɗaya a jadawalin nan, me yake wakilta?

Amsar da muke ba da shawara ita ce, layi ɗaya motsin kuɗi ɗaya ne. Ba mutum ɗaya ba, ba jimla ɗaya ta wasiƙa ba. Idan Ousmane ya ba da kuɗi sau biyu, layi biyu zai samu, domin ranakun biyu ne. Idan Haoua da Mariama suka zo a jimla ɗaya, su ma layi biyu ne, domin gobe ɗaya daga cikinsu za ta iya tambayar nata ita kaɗai.

Daga nan sai a bi ƙa'ida ta biyu: kowane ginshiƙi abu iri ɗaya yake ɗauka. Ginshiƙin adadi lamba ce zalla, babu alamar yuro, babu "wajen", babu "saura". Ginshiƙin rana kwanan wata ne zalla. Duk wani ƙarin bayani yana da nasa wurin a ginshiƙin ƙarshe. Ga wasiƙar nan ginshiƙai bakwai sun isa: lamba, rana, suna, iri, adadi, kuɗin ƙasa, da bayani. A ginshiƙin iri kalmomi huɗu kawai za mu yarda da su, wato shiga, fita, alkawari da waje. Idan yau aka rubuta "shiga", gobe "ya shigo", jibi "an karɓa", na'ura za ta ɗauke su abubuwa uku daban.

Ranaku

A Faransa, haka ma a Nijar da Najeriya da Gana, rana ake fara rubutawa kafin wata. Saboda haka 03/04 na nufin 3 ga Afrilu. Amma ɗan'uwanmu da ke zaune a Bronx ta New York zai karanta shi 4 ga Maris, domin a Amurka wata ne ke gaba. Idan rana ta wuce 12 babu ruɗani, tunda babu wata na 13. Daga 1 zuwa 12 ne matsalar take, kuma ba ta yin ƙara: jadawalin zai karɓi ranar da ba daidai ba ya yi shiru. Mafitar ita ce a rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2025-04-03. Wannan tsari ne na duniya da ake kira ISO 8601, kuma kowa hanya ɗaya yake karanta shi. Excel na Faransanci yakan mayar da shi 03/04/2025 a kan allo. Wanda yake son ya ci gaba da ganinsa yadda ya rubuta sai ya zaɓi ginshiƙin, ya shiga Format de cellule, ya sa `aaaa-mm-jj`.

Sai ranakun da ba a rubuta da lamba ba. "Shekaranjiya" ba ta da ma'ana sai an san ranar da aka rubuta wasiƙar. An aiko ta 14 ga Afrilu, don haka shekaranjiya 12 ga Afrilu ke nan. A nan a yi hattara da imel ɗin da aka tura wa wani, shi ma ya tura wa wani. Ranar da ke saman wasiƙar ta mai turawa na ƙarshe ce. Ranar da muke buƙata tana can ƙasa, a kan asalin saƙon.

Idan wasiƙa ta faɗi sunan rana tare da lambarta, kyauta ce, a yi amfani da ita wajen tantancewa. An ce Asabar 5 ga wata. Muka duba kalanda, 5 ga Afrilu 2025 Asabar ce, magana ta zauna. Da kalanda ta nuna Juma'a ce, da mun san ɗaya daga cikin biyun kuskure ne.

"Ranar kasuwa" kuwa wani abu ne daban. Kasuwar Minguettes tana ci Alhamis da Asabar, kuma tsakanin farkon tara kuɗin da ranar wasiƙar an ci ta sau huɗu: 3, 5, 10 da 12 ga wata. Ba za mu zaɓi ɗaya da ka ba. Za mu bar akwatin ranar ba komai, mu rubuta kalmar mai wasiƙar a ginshiƙin bayani, mu tambaye shi. Akwatin da aka bari fanko yana nuna kansa, kowa ya gan shi ya san akwai tambaya. Ranar da aka cika da zato kuwa kamarta ɗaya da ta gaskiya, bayan wata biyu ko wanda ya rubuta ta ba zai iya bambance su ba.

Sunaye

Zango gida ne na mutanen da suka fito daga ƙasashe masu rubutu daban-daban. Suna ɗaya ne, amma ɗan Nijar ya rubuta Ousmane, ɗan Kano ya rubuta Usman, ɗan Kumasi ya rubuta Osman ko Osmanu. Haka Aboubacar da Abubakar, haka Haoua da Hauwa da Hawa. Mu da muke karantawa mun san mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta sani ba, kuma idan aka ce ta tara abin da Ousmane ya bayar za ta tsallake duk layin da aka rubuta Usman.

A wasiƙarmu an ce Ousmane a sama, an ce Usman a ƙasa. Ta yaya muka san mutum ɗaya ne? Ba don sunan ya yi kama ba, domin a zango masu wannan suna ba su ƙirguwa. Mun sani ne saboda gyaran yana magana a kan "ashirin ɗin nan", kuma ashirin ɗaya ce tak a duk wasiƙar. Hujjar daga cikin rubutun ta fito. Inda babu irin wannan hujja, sai a tambaya.

Kowane mutum a zaɓa masa rubutu ɗaya a tsaya a kai. Wanda ya fi dacewa shi ne na takardunsa na Faransa, domin shi ne zai fito a takardar banki idan ya turo kuɗi, kuma da ita za a gwada lissafi daga baya. Laƙabin girmamawa irin su Alhaji, Hajiya da Malam a ajiye su a ginshiƙin bayani ko a takardar da za a karanta a taro. Ba raini ba ne. Idan aka bar su a gaban suna, ranar da aka jera jadawalin bisa haruffa duk alhazai za su taru wuri ɗaya a ƙarƙashin harafin A, kuma wanda aka rubuta da laƙabi yau, ba laƙabi gobe, zai rabu gida biyu.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya ba da kuɗi da wanda ya kawo su. Aboubacar ne ya turo 1200,50, amma wasiƙar ta faɗa a fili cewa na 'yan'uwan Paris ne. Idan muka rubuta sunansa a matsayin mai bayarwa, mun ba shi ladar da ba tasa ba, mun kuma shafe mutanen da suka haɗa. A ginshiƙin suna za mu sa 'yan'uwa na Paris, a bayani mu ce ta hannun Aboubacar. Idan daga baya ya aiko da jerin sunayensu, sai a fasa layin zuwa layuka da yawa, a tabbatar jimlarsu ta dawo 1200,50 daidai.

Kuɗi

A nan ne aka fi zamewa. Bafaranshe yana raba dubbai da fili, yana raba santim da waƙafi: 1 200,50. Ɗan Gana da ɗan Najeriya suna raba dubbai da waƙafi, suna raba ƙananan kuɗi da ɗigo: 1,200.50. Saboda haka idan wani ya rubuto 1,200 daga Accra yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyu, Excel na Faransanci zai karanta shi ɗaya da ɗigo biyu, wato yuro ɗaya da santim ashirin. A jadawali a rubuta lamba ba tare da raba dubbai ba, a sa alamar santim irin wadda na'urar ke ganewa. A na'urar da aka saita da Faransanci, 1200,50 ke nan.

Sai lambobin da aka rubuta da kalmomi. Wanda ya bi wasiƙar yana neman alamar € kawai zai tsallake ashirin, da talatin, da jaka hamsin. Ita jakar ma sai an san ƙasar mai magana. A Maradi da sauran Nijar jaka sefa dubu ɗaya ce, kamar yadda dala take sefa biyar, don haka jaka hamsin sefa 50000 ce. A bakin dattawan Kano kuwa jaka naira 200 ce. Haka a Gana, tun da aka sauya kuɗi a 2007 aka mayar da tsohon sidi 10000 ya zama sabon sidi ɗaya, har yau akwai masu cewa miliyan ɗaya suna nufin sidi 100. Duk inda aka ga irin wannan ƙirga, a rubuta lambar da aka fassara a ginshiƙin adadi, a bar ainihin kalmar a bayani, don wanda zai duba ya ga yadda aka yi.

Kuɗin kowace ƙasa a bar shi a yadda aka ba da shi, a nuna shi da gajeren sunansa na banki: EUR na yuro, XOF na sefar Afirka ta Yamma, GHS na sidi, NGN na naira. Sefa tana da sauƙi domin a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. Idan aka raba 50000 da wannan za a samu yuro 76,22. Sidi da naira kuwa farashinsu yana motsi, don haka duk wanda ya canza su sai ya rubuta farashin da ya yi amfani da shi da ranar da ya ɗauko shi.

A ƙarshe, ba duk lambar da ke wasiƙa ce kuɗin da ya shiga asusu ba. Yuro 80 na Issoufou alkawari ne, bai zo ba tukuna. Jaka hamsin ta Malam Sani ta isa hannun iyalin a Maradi, ba ta bi ta hannun ma'aji ba. Dukansu sun cancanci layi, domin gudummawa ce da ya kamata a sani, amma ginshiƙin iri zai hana su shiga lissafin abin da ke hannu. Ita kuma 1 140,50 ta ƙarshe ba motsin kuɗi ba ce, jimla ce. Ba ta samun layi. Da ita za mu auna aikinmu.

Jadawalin da ya fito

| Lamba | Rana | Suna | Iri | Adadi | Kuɗin ƙasa | Bayani |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 2025-04-03 | Ousmane | shiga | 50 | EUR | |
| 2 | 2025-04-05 | Ousmane | shiga | 30 | EUR | an fara cewa 20, aka gyara a ƙarshen wasiƙa |
| 3 | 2025-04-07 | Haoua | shiga | 60 | EUR | rabin 120 |
| 4 | 2025-04-07 | Mariama | shiga | 60 | EUR | rabin 120 |
| 5 | 2025-04-08 | 'Yan'uwa na Paris | shiga | 1200,50 | EUR | ta banki, ta hannun Aboubacar |
| 6 | 2025-04-09 | Sani | waje | 50000 | XOF | jaka hamsin, an miƙa a Maradi |
| 7 | | Zeinabou | shiga | 40 | EUR | ranar kasuwa, a tambaya |
| 8 | | Issoufou | alkawari | 80 | EUR | ƙarshen Afrilu |
| 9 | 2025-04-12 | Hayar ɗaki da abinci | fita | 300 | EUR | shekaranjiya |

Ku lura da layi na 2. Tunda ba a riga an raba jadawalin ga kowa ba, mun rubuta 30 kai tsaye, muka bar labarin gyaran a bayani. Da a ce an riga an karanta 20 a taro, da mun bar layin yadda yake, mu ƙara sabon layi na yuro 10 mai cewa gyara ne. Lambar da jama'a suka riga suka gani ba a canza ta a ɓoye, ko da canjin gaskiya ne.

Yadda za a san an yi daidai

Gwaji na farko ƙirga ne. A koma wasiƙar, a ja layi a ƙarƙashin duk adadin kuɗin da aka ambata, na lamba da na kalma. Za a samu guda goma, idan aka ƙirga ashirin sau ɗaya. Jadawalinmu layi tara ne, kuma dole mu iya bayyana bambancin. Yuro 120 ya rabu biyu, ya ƙara ɗaya. Ashirin da talatin sun haɗe a layi guda, ya rage ɗaya. Jimlar ƙarshe ba ta da layi, ya sake rage ɗaya. Goma a ƙara ɗaya a cire biyu, tara. Idan lissafin bai fita haka ba, an tsallake wani abu ko an rubuta shi sau biyu.

Gwaji na biyu shi ne jimla. Kanun jadawalin yana layin farko na allo, don haka bayananmu suna daga layi na 2 zuwa na 10. Iri yana ginshiƙin D, adadi yana E, kuɗin ƙasa yana F. A Excel na Faransanci sai a rubuta:

```
=SOMME.SI.ENS(E2:E10;D2:D10;"shiga";F2:F10;"EUR")
=SOMME.SI.ENS(E2:E10;D2:D10;"fita";F2:F10;"EUR")
```

Na farko zai ba da 1440,50, na biyu 300. A cire na biyu daga na farko, saura 1140,50, daidai da abin da ma'aji ya ce yana hannunsa. Mai Excel na Turanci zai rubuta `SUMIFS` a maimakon `SOMME.SI.ENS`, ya sa waƙafi a inda muka sa `;`.

Idan jimla ba ta zo daidai ba, girman bambancin shi ne yake nuna inda ɓarnar take. Wanda ya samu 1130,50 ya rasa yuro 10, bai karanta gyaran da ke ƙarshen wasiƙa ba. Wanda ya samu 1220,50 ya wuce da 80, ya sa alkawari a cikin kuɗin da suka shigo. Idan bambancin ninkin wani adadi ne, misali 600, to an rubuta 300 ɗin fita a matsayin shiga. Idan kuma bambancin yana rabuwa da tara ba saura, a nemi lambar da aka juya, kamar a rubuta 54 a wurin 45. Wannan tsohuwar dabarar masu lissafin kanti ce, kuma har yanzu tana aiki.

Akwai wata ɓarna da ta fi waɗannan ɓoyewa. Mutum ya kwafo 1 200,50 € daga imel ya manna a akwati, ya ga lambar a zaune lafiya, amma jimla ta ba shi 240 na shiga, asusu ya nuna gibin yuro 60. Abin da ya faru shi ne, filin da ke tsakanin 1 da 200 sau da yawa ba fili ne na yau da kullum ba. Wani harafi ne marar ganuwa da rubutun Faransanci ke sawa don kada lambar ta karye a ƙarshen layi. Wani lokaci Excel ba ya gane shi, sai ya ɗauki akwatin a matsayin rubutu, ya tsallake shi wajen tarawa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Ana gane wannan da ido: idan ba a taɓa saitin akwatunan ba, lamba takan jingina dama, rubutu yakan jingina hagu. Ana kuma ganewa da waɗannan:

```
=NB(E2:E10)
=ESTNUM(E6)
```

Na farko yana ƙirga akwatunan da ke ɗauke da lamba ta gaskiya. Ya kamata ya ce 9. Idan ya ce 8, ɗaya rubutu ne. Na biyu yana duba akwati guda, ya amsa `VRAI` idan lamba ce, `FAUX` idan ba ita ba ce. A jadawali ƙarami kamar wannan, maganin da ya fi sauri shi ne a goge akwatin a sake buga lambar da hannu. Haka ma ginshiƙin rana, `NB` zai ƙirga shi, domin a wurin Excel kwanan wata lamba ce. A namu ya kamata ya ce 7, tunda akwati biyu mun bar su da gangan.

Kafin a raba wa jama'a

Idan za a aika jadawalin ga 'yan'uwa a wata ƙasa don su gani kawai, a mayar da shi PDF, babu abin da zai motsa. Idan za su yi aiki a kansa, a aika ainihin fayil ɗin `.xlsx`, wanda yake riƙe lamba da rana yadda suke ko da an buɗe shi a na'urar Turanci. Fayil ɗin `.csv` ne ke kawo rikici: na Faransa yana raba ginshiƙai da `;` saboda waƙafi yana aikin santim, na Gana da Najeriya kuma da waƙafi yake rabawa. Wanda ya buɗe na wani sai ya ga komai ya dunƙule a ginshiƙi ɗaya.

Sannan a tuna cewa jerin sunaye da abin da kowa ya bayar bayanin mutane ne, kuma dokar RGPD da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 ta shafi ƙungiyoyi kamar yadda ta shafi kamfanoni. Hukumar CNIL ce ke sa ido a kai a Faransa. Ko ba don doka ba, akwai mai ba da yuro biyar da ba ya son a gan shi kusa da mai ɗari biyar. Cikakken jadawali ya zauna wurin shugabanni da masu binciken asusu. Abin da za a watsa a dandalin zango ya tsaya a jimlar abin da ya shiga, abin da ya fita da abin da ya rage, wanda kuma yake son ganin layinsa a nuna masa shi kaɗai.

Aikin bai ƙare ba sai an mayar wa mai wasiƙar da tambayoyin da suka rage, a saƙo ɗaya gajere. A namu misalin biyu ne: wace ranar kasuwa ce Zeinabou ta kawo nata, kuma su wane ne 'yan'uwan Paris da nawa kowannensu ya sa. Idan amsa ta zo a cike gurbin, a rubuta ranar da ta zo a bayani, a ajiye asalin imel ɗin tare da jadawalin a wuri guda. Ranar 30 ga Afrilu kuma a sake buɗe layi na 8. Idan Issoufou ya cika alkawari, a mayar da irinsa shiga, a sa ranar da kuɗin suka iso, jimlar asusu ta koma 1220,50.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa masu riƙe amanar jama'a da alheri.